Mace ɗaya suna shida: na bar Mariya Petrovna ko na mayar da ita Malama Mariya?

Anti barka da war haka. Ni da ƙawata muna fassara gajerun labarai biyu zuwa Hausa, ɗaya na Rasha ɗaya na Yukren, daga Turanci muke yi amma muna da na asalin duk da ba ma iya karanta shi. A na Rashan mace ɗaya malamar makaranta ana kiranta Mariya Petrovna, Masha, Mashenka, Mashka, Petrovna, wani wajen kuma Sokolova, likitan da yake sonta shi ma Aleksandr Ilyich ne yau gobe Sasha. A na Yukren ɗin kuma Oksana Andriyivna ta koma Oksano Andriyivno a cikin hira. Ƙawata ta ce mu share duka mu sa Malama Mariya da Dakta kawai, ni kuma raina bai kwanta ba, har mun yi kwana biyu ba ma magana. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Wa alaikis salam ƙanwata. Ke kika fi kusa da gaskiya, amma kar ki yi saurin tura mata wannan amsar da alamar dariya don ita ma tana da nata rabon, zan zo kansa.

Abin da ya kamata ku fara riƙewa shi ne ladabin mutanen nan ya juya baya da namu. Mu a nan in kina girmama mutum sai ki ɓoye sunansa, mace ba ta kama sunan mijinta a gaban mutane, uwa tana alkunyar ɗan fari, suruki kuwa ba a ma zancen. Su kuma in za su girmama mutum sai su faɗi sunan nasa cikakke su ɗora masa na ubansa a kai. To kin ga Bahaushe in ya karanta ɗaliba ƙarama ta ce wa malamarta "Mariya Petrovna" zai ga kamar yarinyar ba ta da kunya, alhali wannan shi ne iyakar ladabin da ake nema a wajenta, babu wani "malama" ko "anti" da za ta ƙara. Haka ake kiran likita a asibiti, haka ake kiran shugaba a wajen aiki, haka ma yawanci ake kiran surukai.

Kowane mutum a can suna uku gare shi a takarda: nasa na yanka, sunan uba, sai na zuri'a. Na tsakiyan daga sunan uban ake ƙera shi, a liƙa masa wutsiya. Namiji ya ɗauki -ovich ko -evich, mace ta ɗauki -ovna ko -evna. Uban malamar taku sunansa Pyotr, shi ya sa take Petrovna, da tana da ɗan'uwa namiji shi Petrovich zai zama. Akwai 'yan sunaye masu ƙarewa da -a ko -ya da suke bin wata hanya, irin su Ilya da Nikita da Kuzma, ɗan Ilya shi ne Ilyich, 'yarsa kuma Ilyinichna, to likitan naku ɗan Ilya ne kenan. Masu kallon ƙwallo sun san wutsiyar nan a sunan Ibrahimovic, asalinta ɗaya ne, sai dai can ta daskare ta zama sunan zuri'a, a Rasha kuwa kowane ɗa sabo ake ƙera masa daga sunan ubansa.

Wannan zai taimake ku gane dangantaka tun kafin marubucin ya faɗa. Mace in ta yi aure tana iya ɗaukar sunan zuri'ar miji, Sokolov ya ba ta Sokolova, amma sunan uba ba ya canzawa har ta mutu. Saboda haka in kun ga Petrovich da Petrovna a gida ɗaya ku fara zaton wa da ƙanwa ne ba mata da miji ba. Kuma don Allah kar wata ta rubuta "Mista Ilyich" ko "Madam Petrovna", ba sunan zuri'a ba ne, ba a sa masa irin wannan hular. Haka kuma ba a haɗa sunan gida da na uba, "Sasha Ilyich" ko "Masha Petrovna" ba kira ba ne na yau da kullum, in kun gani to wasa ake ko zolaya.

Yanzu sunayen nan shida. Ba ado ba ne, kowanne yana gaya miki wanda yake magana da kuma inda zuciyarsa take a lokacin. Mariya Petrovna na ɗalibai ne da iyayen yara da abokan aiki da duk wanda bai shiga jikinta ba. Masha na gida ne da ƙawaye, ba shi da zafi ba shi da sanyi. Mashenka lallashi ne, bakin uwa ko kaka ko masoyi, wannan -enka ɗin duk inda kika gan shi tausayi ne ko ƙauna. Mashka da -ka shi ne mai wuyar sha'ani, tsakanin ƙawayen yarinta shaƙuwa ce zalla, amma a bakin wanda ba su saba ba ko wanda ya yi fushi raini ne, dole sai kun duba wanda ya faɗa da abin da ya faru kafin nan. Sokolova shi kaɗai ba komai a gabansa kiran rajista ne, irin na malami da ɗalibi ko na soja ko na shugaba da ya ɓata rai. Sai Petrovna ita kaɗai, wanda na tabbata shi ya fi rikita ku. Wannan kiran tsofaffi ne da mutanen ƙauye da ma'aikatan da suka daɗe tare, akwai girmamawa a ciki akwai kuma sabo, kamar a ce ke tamu ce amma mun san kin girma. In mai gadin makaranta ne ko wata tsohuwar maƙwabciya ke faɗa to daidai ne, ku bar shi haka. Ko Lenin, wanda sunansa Vladimir Ilyich, mutanensa kan ce masa Ilyich kawai.

Batun Aleksandr da ya koma Sasha kuma bai kamata ya ba Bahaushiya mamaki ba, mu da muke kiran Abubakar Garba, A'isha kuma Indo. Baƙo ba zai taɓa gane Garba da Abubakar mutum ɗaya ne ba sai an gaya masa sau ɗaya, daga nan shi kenan. Haka Sasha yake, kuma ku yi hankali da shi don na maza da mata ne, Aleksandra ma Sasha ake ce mata, wani lokaci ma Shura. In Turancin da kuke bi bai fayyace ba kar ku sa "ya ce" sai kun tabbata.

To me zai faru in kun bi shawarar ƙawarki kun sa Malama Mariya ko'ina? Abu na farko mai karatu zai ga mace da mayafi a wata firamare ta unguwarsu, labarin ya tashi daga inda yake. Wannan ma da sauƙi. Babbar asarar ita ce labaran soyayya da na rigima a adabin nan sau da yawa a kan canjin kira suke juyawa, marubucin ba zai ce miki "a nan ne ya fara sonta" ba, sai dai kawai ki ga kiran ya sauka daga bene ɗaya zuwa wani. Bari na gwada miki da mutanen naku, ni na ƙirƙiri maganganun don misali. A farkon labari:

"Mariya Petrovna, don Allah a daure a riƙa shan maganin nan a kan lokaci."

"Na gode Aleksandr Ilyich, zan kiyaye."

Can tsakiya ranar da jikinta ya tsananta:

"Masha... Mashenka, buɗe idonki ki dube ni."

Sannan bayan sun ɓata, sun haɗu a bakin makaranta:

"Ina kwana Mariya Petrovna."

Wannan gaisuwar ta ƙarshe ta fi zagi ciwo, mutumin da ya taɓa ce mata Mashenka ya mayar da ita inda ya same ta ranar farko. Yanzu ki share ki sa Malama Mariya a duka ukun ki karanta, za ki ga ba abin da ya faru, likita ne kawai yake gaida mara lafiya sau uku.

Inda ƙawarki take da gaskiya shi ne bakin mai ba da labari. A nan ba wanda yake kiran wani, don haka ba laifi ku zaɓi suna ɗaya ga kowane mutum ku riƙe shi, "Mariya ta tashi ta rufe taga", "likitan ya yi shiru". Mai karatu zai huta, ya san da wa ake. Sai dai ku duba ko marubucin da gangan yake kiran wani da cikakken suna a bayani don ya nuna mutum ne mai ji da kansa, in haka ne ku bar masa. Amma cikin hira, duk abin da ke tsakanin alamun zance, ku bar kiran yadda yake. Kuma karon farko da kowane sabon kira ya fito ku saƙa rabin jimla a jikin labarin maimakon dogon bayani a ƙasan shafi da ba mai karantawa. Misali: "Mariya Petrovna," in ji yarinyar, ta haɗa da sunan uba yadda ake kiran manya. Ko kuma: "Mashka!" Tun suna 'yan aji ɗaya take kiranta haka. Sau ɗaya ya isa, kar ku maimaita a kowane shafi.

Akwai abu na biyu da Turancin ya ɓoye muku gaba ɗaya kuma ya fi sunayen haɗari. Rashanci da Yukreniyanci duka suna da "kai" iri biyu, ti na sabo da vi na girmamawa wanda asalinsa jam'i ne kamar "ku" namu. Turanci kalma ɗaya gare shi ga duka biyun, don haka wanda ya fassara muku ya riga ya zubar da shi a hanya. Tunda kuna da na asalin ba sai kun iya karatu ba, ku buɗe shi a waya ko kwamfuta ku nemo waɗannan:

```
ты тебя тебе твой
вы вас вам ваш
```

Layin sama na sabo ne, na ƙasa na girmamawa. A na Yukren ɗin layin sama zai zama ти тебе тобі твій, a na ƙasa kuma вы ne kawai zai zama ви. Ku sa sarari gaba da baya lokacin nema, in ba haka ba zai kwaso muku duk kalmar da haruffan suka faɗo a cikinta ku sha wahalar banza, sai dai ku sake nema da waƙafi ko aya a bayan kalmar don kar wasu su kuɓuce muku. Wani lokaci kuma ba za ku ga ko ɗaya ba don sukan jefar da wakilin sunan, sai ku dubi ƙarshen kalmar aiki, a Rashanci mai ƙarewa da -шь na sabo ne, mai -те na girmamawa. Ku lura kuma in mutum biyu ko uku ake yi wa magana вы jam'i ne kawai ba wani ladabi. Abin da kuke nema shi ne layin farko da likitan ya bar вы ya koma ты, ku sa masa alama, ina kyautata zaton a nan ko kusa da nan Mashenka ya fara fitowa. A ƙa'ida suna da sunan uba da vi suke tafiya, sunan gida da ti, sunan uba shi kaɗai irin na mai gadin ma yawanci da ti. Akwai kuma tsaka-tsaki, a ce Masha amma a ci gaba da vi, malamin jami'a da ɗalibarsa kenan ko mutum biyu da suka fara sabawa ba su gama ba.

Kar ku ce to shi kenan duk vi mu sa "ku". Ba su yi daidai ba. Namu "ku" sama yake hawa, yaro ga dattijo, suruka ga uwar miji, "kun tashi lafiya". Nasu kuwa har tsakanin sa'o'i biyu da ba su san juna ba ana yi, kowa ya ba ɗan'uwansa. In kun sa likita yana ce wa matar da yake so "kun sha maganin?" mai karatu zai waiga ya nemi sauran mutanen ɗakin. Ni abin da nake yi, in ƙarami ne ke magana da babba na sa "ku", ya zauna daram. In sa'o'i ne na bar kai da ke, nisan sai ya fito ta cikakken suna da "don Allah" da kuma salon nan namu na kauce wa mutum, irin "a daure a sha" da kika gani a sama maimakon "ki sha". Ranar da aka koma ti sai maganar ta miƙe, "ki dube ni". In kuma a fili wani ya ce mu koma ti, don suna faɗa da baki har da neman izini, kar ku rubuta "mu koma kai da ke" ba wanda zai gane, ku ce "Haba, wannan Aleksandr Ilyich ɗin ya isa haka, ki ce min Sasha."

Sai na Yukren. Oksano ba kuskuren bugu ba ne kuma ba wata mace ce daban ba. Harshen yana da siga ta musamman ta kira, in ana zancenki suna ɗaya ne, in ke ake kira sai ƙarshen ya canza. Oksana ta zama Oksano, Andriyivna ta zama Andriyivno, Ivan ya zama Ivane, Petrovich ya zama Petrovichu, Taras Tarase, mama mamo, tato wato baba ya zama tatu. Wannan nahawu ne kawai, ba ya ɗauke da so ko ƙi, kowa haka yake kiran kowa, saboda haka a Hausa ku mayar da shi Oksana Andriyivna ko'ina kar ku ƙara wa masu karatu kaya. Kin ga bambancinsa da Mashenka, wancan in an cire an yi asara, wannan ba a rasa komai. Rashanci shi ma yana da ɗan abu makamancin haka a bakin gida, su yanke ƙarshen su ce Mash, Sash, mam, shi ma ku mayar Masha da Sasha ba damuwa. Za kuma ku iya cin karo da San Sanich ko Marivanna, wato Aleksandr Aleksandrovich da Mariya Ivanovna ne aka haɗiye da sauri, ladabin yana nan amma na mutanen da suke haɗuwa kullum, waɗannan in sun fito sau ɗaya ko biyu ku rubuta cikakken, in kuma da shi aka san mutumin a duk labarin ku bar shi.

Wutsiyar mata a Yukreniyanci -ivna ce, Petrivna ba Petrovna ba, kuma nan ne nake so ku yi taka-tsantsan sosai. Kar ku ce tunda labaran biyu za su fita tare bari mu daidaita sunayen. Mikola ba Nikolai ba ne a bakin mai shi, haka Oleksandr da Aleksandr, Halina da Galina, Volodimir da Vladimir. In a cikin labarin wani jami'i ya kira Mikola da Nikolai to marubucin ya san abin da yake yi, kuma bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014 balle mamayar da ta kai wa Yukren a 2022 wannan ba ƙaramar magana ba ce a wajensu. Sunan zuri'a mai -enko irin Shevchenko ba ya canzawa tsakanin mace da namiji, kar ku liƙa masa -a don kun ga Sokolova.

Kuma 'yan Yukren suna da wata hanyar girmamawa ta biyu, pan ga namiji pani ga mace sai sunan yanka, pani Oksana, pan Ivan wanda a kira zai fito pane Ivane. A yammacin ƙasar wajen Lviv ya fi ƙarfi tun da, bayan samun 'yanci a 1991 ya ƙara bazuwa, wasu ma suna ganin kira da sunan uba ɗabi'ar zamanin Sobiyet ce duk da har yanzu ana yinsa a makarantu da ofisoshi. To in mutum ɗaya a labarin yana cewa pani Oksana wani yana cewa Oksana Andriyivna, ana nuna muku daga ina kowa ya fito ko wane zamani ya taso. Ku bar pan da pani yadda suke, gajeru ne, shafi biyu mai karatu ya saba. A ƙauyukan can kuma akwai gidajen da 'ya'ya suke yi wa iyaye vi, a nan kam "ku" namu ya shiga kamar don shi aka yi. In kuna da wani cikin yaranmu da suka yi karatun likita a Kharkiv ko Sumy ku tambaye shi yadda yake kiran malamansa, zai karanto muku suna da sunan uba har yau bai manta ba don ba ka isa ka shiga ofis ba tare da shi ba.

Ban san shekarun da labarin Rashan ya faru ba tunda ba ki faɗa ba, to ki duba. In kafin 1917 ne za ku ga kiran muƙami, tun 1722 sarki Pyotr na ɗaya ya jera ma'aikatan gwamnati hawa 14 kowane rukuni da irin kiransa, a nan "ranka ya daɗe" ga ƙananan hafsoshi da "mai girma" ga janar-janar sun wadatar, ba sai kun bi hawa-hawan ba. In zamanin Sobiyet ne tavarish zai yi yawa, kwamared ya riga ya zauna a bakin 'yan ƙwadagonmu, ku yi amfani da shi, kwamared Sokolova. Amma in ɗan sanda ko mai bincike ya bar tavarish ya koma kiran mutum da kalmar da Turanci zai ba ku a matsayin ɗan ƙasa, to an cire shi daga cikin jama'a ne ana tuhumarsa, "ɗan ƙasa Gromov" ba ya ba da tsoro a Hausa, gara sunan zuri'ar tsurarsa da murya mai sanyi a bayanin.

Aikin da zan ba ku, kuma shi ne zai raba gardamar, ku zauna tare da takarda ɗaya ku ja layi uku: wa yake magana, da wa, me ya kira shi, ku ƙara ti ne ko vi a gefe da lambar shafi. Gajeren labari ne ba zai ci muku yamma ɗaya ba. Duk kiran da ya fito daga baki ɗaya bai taɓa canzawa ba kuma ba abin da ya rataya a kansa, ki bar wa ƙawarki ta sauƙaƙa shi in tana so. Duk inda mutum ɗaya ya canza kira ga mutum ɗaya, wannan ba a taɓawa. Rubutun sunayen kuma ku yanke shawara tun yanzu, ko Petrovich da ch yadda jaridu suke yi ko Petrovic da c ɗinmu, duka biyun suna karantuwa, kawai kar shafi na uku ya saɓa da na tara. Ke ki fara kiranta, ki ce mata a bayani kin yarda da suna ɗaya, sai ku buɗe shafin da Mashenka ya fara fitowa ku karanta shi da ƙarfi sau biyu, ɗaya da nata ɗaya da naki.